Koko mai ruwa ba ya riƙe yaro

"Iyaye mata, ku taimaka min. Yarona watansa 8, nono da koko kawai yake sha. Da na ba shi abu mai kauri sai ya riƙa kakarin amai, ga shi a awo an ce nauyinsa bai ƙaru ba. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Fara duba kaurin kokon nan. Ɗebo shi a cokali ki karkata: in ya tsiyaye, ruwa ne ke cika masa ciki, kuma cikin yaro ɗan ƙarami ne. Wanda zai riƙe shi shi ne mai tsayawa a cokali. Ki ajiye fida, ki koma kofi da cokali.

Ni haɗin da nake yi, gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. Kowanne a soya shi daban, a cire wa waken soya ɓawo, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, sannan a niƙa tare. Kada ki tsaya a damawa da ruwan zafi, ki mayar wuta ya dahu sosai. Ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa yana ƙara masa ƙarfi.

Daga wata 6 ake farawa da mai laushi, cokali 2 zuwa 3, sau biyu ko uku a rana. Naki ya kai lokacin dama masa abinci da cokali: surfaffen wake da ya dahu luguf, kabewa, dankalin Hausa, alayyahu ko zogale yankakke ƙanana. Ki bar 'yan gudaji masu laushi a ciki, kina ƙara su a hankali. Ki sa dafaffen ƙwai, hanta ko kifi marar ƙaya, domin hatsi kaɗai ba ya hana ƙarancin jini. Daga wata 9 sai sau uku zuwa huɗu, kamar rabin kofi, da abin da zai riƙe da hannunsa: tuwo mai laushi da miyar kuka marar yaji, alala, dafaffen karas da ke murƙushewa tsakanin yatsu.

Kakarin nan ne ke tsorata uwaye su koma koko, alhali yawanci koyo yake yi. In yana tari, sauti na fita, fuska ta yi ja, ki bar shi ya turo da kansa, kada ki sa masa yatsa. Shaƙewa daban ce: ba kuka, ba numfashi, leɓe ya canza launi. Nan ki kifa shi a hannunki, kai ƙasa, ki bubbuga tsakanin kafaɗunsa, a nemi asibiti. Saboda haka a zaune zai ci, ba ɗura, ba ƙwayar gyaɗa.

Zuma sai ya shekara, gishiri da sukari ma ki bar su. Nono kuwa ki ci gaba da ba shi. In awo na gaba bai motsa ba, ko yana gudawa, ko jiki ya yi ƙuraje da kumburi bayan sabon abinci, kai shi asibiti.