Motoci na jira a bakin sitona, in ƙara leburori?

*Malam, ina da sito na kayan gini da na lantarki, tsawonsa mita 40, kaya kusan iri 300. Kullum motocin kwastomomi sai sun daɗe suna jiran lodi. Ƙanena ne ya jera kayan, masu tsada ya sa kusa da ƙofa don ido ya riƙa kai musu. Ina so in ƙara leburori biyu, ko in kama babban sito, don ina sa ran cinikin ya ninka baɗi.*

Alhaji, ajiye maganar baɗi tukuna, kuma kada ka ɗauki kowa aiki a wannan watan. Yaranka tafiya suke yi a banza, kai kuma ba ka da takardar da za ta nuna maka hakan. Ka bar wa ƙanenka jeren kaya bisa abin da ya gani da ido, ba ka taɓa tambayarsa sawu nawa ake yi zuwa wurin kowane kaya ba. Ban zarge shi da rashin amana ba. Tsaro ya duba, shi ya sa ya cika maka bakin ƙofa da kayan da ba a taɓa su sai jefi-jefi.

Mu yi lissafi da misali. A ce kwalin ƙwan fitila yana can ciki, mita 35 daga wurin lodi, kuma ana zuwa ɗaukarsa sau 60 a rana. Zuwa da dawowa mita 70, sau 60 ya zama mita 4,200. Dawo da shi mita 5 daga ƙofa, tafiyar ta koma mita 600. Mai ɗauke da kaya yakan ci kamar mita ɗaya a daƙiƙa, ka ga ka tsira da awa guda cur a kan kaya iri ɗaya tak. In kana da irinsa goma, ga aikin lebura ɗaya da ɗoriya, ba ka biya kowa ba.

Ga abin da nake so ka yi. Tattaro rasit na wata uku da suka wuce, ka zauna da kanka. Duk inda sunan kaya ya fito a rasit, ja masa layi ɗaya, ko guda aka saya ko katan ɗari. A nan mutane da yawa ke zamewa: sai su ƙirga kuɗi ko yawan kayan da aka sayar. Janareta da ke fita sau biyu a wata ya fi ƙusa kawo kuɗi, amma ƙusar ce ke cinye ƙafar yaranka. Idan ka gama, yawanci za ka tarar kaya 50 ko 60 cikin 300 ɗin su ne ke jawo mafi yawan sawu. Su za su zauna a layukan farko, masu bi musu a tsakiya, waɗanda ake mantawa da su a ƙurya ko saman kanta. Masu tsadar kuwa a yi musu keji da kwaɗo a ciki.

A kan kanta, abin da aka fi ɗauka ya zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, mai nauyi a ƙasa. Abin da ake yawan saya tare, kamar fenti da burushi, su maƙwabci juna. Waya biyu masu kama da juna amma kauri daban, raba su, don yaro mai sauri zai ɗauko wadda ba ita ba.

Akwai wani ɗan kasuwa da na ba wannan shawara, ya ji rabi ya tafi. Ya kwaso duk katan-katan na kayan da ke tafiya ya jibge a bakin ƙofa, har baro biyu ba sa iya giftawa. Jiran ya fi na da tsawo, ya dawo yana cewa shawarata ba ta yi ba. Na je na duba, muka bar na kwana biyu zuwa uku kawai a gaba, sauran muka mayar baya, ana ciko gurbin da sassafe kafin motoci su iso. Muka kuma raba kayan masu tafiya gefe biyu na hanya don kada yara su taru wuri guda.

Kafin ka motsa ko kwali ɗaya, ka auna minti nawa oda ke ɗauka daga miƙa takarda zuwa gama lodi, na mako guda, ka rubuta. Bayan sauyin ka sake aunawa. In lokacin bai ragu ba, duba ko yaran neman kaya suke yi saboda gurbi ba lamba, ko jiran takarda suke a ofis. Ka maimaita ƙirgen rasit duk wata uku, domin kayan da ke gudu yanzu zai iya kwanciya gaba. Idan bayan haka motoci na nan suna jira, ka sake rubuto mini da alƙaluman, mu duba batun ƙarin lebura.