Daga Zugu zuwa Birazil: hannuwan da bawa ke bi kafin ya isa gonar rake

Tambaya: "Jama'a don Allah a warware mini. Yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai sarakunan Afirka ne da kansu suka riƙa sayar da mutane ga Turawa. Ni kuwa na taso da jin cewa Turawa ne ke shigowa da bindiga su kwashe. Wanne ne gaskiya, kuma wa ya ci ribar abin?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yaron. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma na taɓa zuwa Wida, tsohuwar tashar fitar da bayi da ke gaɓar Jamhuriyar Benin, don haka ta wannan hanyar zan bi da ke, tunda ita ce ta fi shafar mu.

Da farkon fari Turawa sun gwada kamu da kansu. A shekarun 1440 'yan Fotugal sun riƙa sauka gaɓar Muritaniya da Senegal suna kai samame, har a 1444 aka raba mutum 235 a wani gari na Fotugal. Amma da suka fara shan kibiya mai dafi, ga zazzaɓi yana kashe su da zarar sun nutsa cikin ƙasa, sai suka gane saye ya fi musu sauƙi. In aka ɗebe Angola, inda 'yan Fotugal suka riƙa fita yaƙi daga Luwanda, Bature a bakin teku yake zama, a kawo masa. Saboda haka yaronki bai faɗi ƙarya ba. Sai dai mai sayarwar bai ɗauka "ɗan Afirka" yake sayarwa ba. A idonsa abokin gaba ne da aka kamo a yaƙi, ko baƙo daga wata ƙasa, ko wanda bashi ko hukunci ya ci. Kuma abin da ya mai da wannan tsohuwar ɗabi'a ta zama annoba shi ne gonakin rake na ƙetaren teku, waɗanda ke cinye mutane cikin 'yan shekaru, a dawo neman wasu.

Yaƙi shi ne babbar ƙofa. Agaja, sarkin daular Dahome da ke kudancin Benin ta yau, ya ci masarautar Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, tashar ta koma hannunsa. Daga nan kusan duk rani rundunar Dahome kan fita, a kewaye gari da asuba, tsofaffi da waɗanda suka yi gardama a kashe, sauran a ɗauro. A arewa maso gabas da su akwai daular Oyo mai dawakai, wadda Dahome kanta ke kai wa gaisuwa duk shekara. Doki ba ya daɗewa a ƙasar Oyo saboda ƙudan tsando, shi ya sa kullum sai sun sayo daga arewa, su sayo har da bayin da suka iya kiwonsa. Ta haka Hausawa da Nufawa da Barebari suka yi yawa a can, suna barga, suna aski, suna tufkar igiya. Wasu a riƙe su, wasu a tura kudu. Bayan jihadin 1804, da boren Ilori na 1817 da rushewar Oyo, sai kwararar ta ƙaru ƙwarai. Shugabannin Sakkwato sun hana sayar da Musulmi ga Nasara, amma dillalan kan iyaka ba su fasa ba. Gaskiya ne yawancin bayin ƙasar Hausa a gida suka tsaya ko suka bi Sahara, amma dubban mazaje sun faɗa teku, har a Bahiya ta Birazil Hausawa suka shirya bore a 1807, suka sake tayarwa a 1814.

Ga misalin mutum ɗaya da ya bar labarinsa. Muhammadu Gardo Bakwakwa ɗan Zugu ne, wani gari a arewacin Benin ta yau da ke kan hanyar fataken goro ta Gwanja, mahaifiyarsa kuma asalinta Katsina. Shi ba a yaƙi aka kama shi ba. Yana hidimar wani basarake, sai masu hassada suka ja shi da shaye-shaye, ya farka ya tarar an sayar da shi. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har gaɓar Dahome wajen 1845. A nan ne mutane ke kuskure, suna zaton mai kamu shi ke kai wa jirgi. A'a, wanda ya kama ya sayar wa falke, falke ya biya kuɗin fito a kowace ƙasa da ya ratsa, ya sayar wa dillalin kasuwa ta gaba, kowa ya ɗora ribarsa. Tafiyar kan ci watanni, wuya da wuya a igiya ɗaya, kaya a ka, wanda ya gaza a bar shi ga kura. Waɗannan matattun hanya ba sa cikin kowane lissafin jiragen ruwa.

A Wida ciniki na da ƙa'ida. Akwai hakimin da sarki ya naɗa kan harkar Turawa, ana ce masa Yobogan. Kyaftin ba ya sayen ko mutum ɗaya sai ya biya kuɗin izini, sannan ya fara da bayin sarki a farashin da ya fi na kasuwa, ko da ba su yi masa ba. Bayan nan 'yan kasuwa su fito da nasu. Likitan jirgi ya tuɓe kowa tsirara, mace da namiji, ya duba haƙori da ido da gaɓoɓi, ya sa mutum ya yi tsalle. Mai furfura ko mai ciwo a ture shi gefe, shi ya sa dillalai ke aske kan dattijo su shafe shi da manja don ya yi sheƙi. Wanda aka zaɓa a yi masa lalas da jan ƙarfe mai tambarin mai saye, don kada a musanya shi da dare. Biya kuwa da kaya ake yi: wuri da ake kwasowa daga tsibiran Maldibis, yadin Indiya, bindiga da albarushi, barasa, da taba. Tabar Bahiya tana da labari. Mai daraja ta uku ce, wadda aka hana kai wa Fotugal, sai a shafe ta da ruwan rake don kada ta bushe. Wannan zaƙin ne mutanen gaɓar suka fi so, shi ya bai wa 'yan Bahiya rinjaye a kasuwar. Ki duba: bayi ne suka noma tabar da ake sayo wasu bayin da ita.

Daga garin zuwa bakin ruwa tafiyar kilomita kusan 4 ce, na taka ta da ƙafa. Yashi ne mai cin sawu, a tsakiya ga fadama mai ruwa da dole a ƙetare. Wida ba ta da matsayar jirgi, teku kuma a wurin hauka yake, igiyar ruwa na tasowa ta fi tsayin mutum. Jirgi can nesa yake tsayawa, sai a ɗauko masu kwalekwale daga gaɓar Gana ta yau su yi jigila. In kwalekwale ya kife da mutane a cikin mari, shi ke nan. Ta wannan 'yar gaɓa aka fitar da mutum wajen miliyan 1.

Cikin jirgi maza na ƙasa, bibbiyu a mari, kan katakon da ba a iya miƙewa tsaye. Mata da yara a ware, inda ma'aikatan jirgi ke yin yadda suka ga dama da su. Jirgin Burukis na Libaful, wanda aka yaɗa zanensa, dokar Ingila ta 1788 ta ƙayyade masa mutum 454, kowane namiji ƙafa 6 a tsawo da inci 16 a faɗi, alhali kafin dokar ya taɓa ɗaukar 609. Bakwakwa ya ce abincinsu jiƙaƙƙiyar masara ce dafaffiya, ruwa kuwa ɗan kofi guda a yini. Babban makashi shi ne atuni. Mutum na zawo cikin zafi ba ruwan sha, ga bokitin bahaya da ba ya iya kaiwa gare shi don an haɗa ƙafarsa da ta wani. Agana in ta shiga sai ta share jirgi. Duk da haka mutane ba su miƙa wuya ba, kusan jirgi ɗaya cikin 10 sai an yi bore a cikinsa, galibi tun ana hango ƙasa. A jimla an loda mutum wajen miliyan 12.5, waɗanda suka sauka da rai wajen miliyan 10.7, kuma kusan miliyan 5 a Birazil kaɗai. Bakwakwa a Farnambuko ta Birazil ya sauka, ya yi bauta gidan mai gasa burodi, aka sayar da shi ga wani mai jirgi, ya samu ya tsere a birnin Niyok na Amurka a 1847.

Batun riba, nan ne nake rabuwa da masu cewa laifi ɗaya ne, a raba daidai. Sarakuna da attajiran gaɓa sun ci, babu ja. Sarki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818 da taimakon wani ɗan Birazil mai fataucin bayi, Faransisko da Suza, wanda ya zama babban dillalin sarki a Wida, ya tara dukiya da iyali mai yawa. Amma me ya shigo hannunsu? Tabar da za a busa, barasar da za a shanye, wurin da darajarsa ta zube da aka cika kasuwa da shi, da bindigar da ke tilasta wa maƙwabci shi ma ya sayar da mutane don ya mallaki tasa. Talakan da aka ƙone wa gari bai ga ko anini ba.

A ɗaya ɓangaren, ribar jirgi ita kanta ba ta kai yadda ake zato ba. Ga 'yan Ingila takan tsaya wajen 10 cikin 100, wata tafiyar ma a tafka asara. Kuɗin gaske yana cikin gumin da za a tatsa shekara da shekaru, wato sukari da taba da auduga da gahawa, kuma 'ya'yan baiwa su ma dukiyar ubangida ne. A kewaye kuma ga masu ƙera jirgi, masu bindiga na Bamingam, masu ba da rance, masu inshora, da gwamnati mai karɓar haraji. Libaful da Biristol da Nant ta Faransa duk sun yi ƙiba da wannan. Shari'ar jirgin Zong ta nuna yadda ake lissafin. A 1781 ma'aikatansa suka jefa mutum sama da 130 cikin teku da ransu, suka ce ruwan sha ya yi ƙaranci, masu jirgin suka nemi inshora ta biya fam 30 kan kowane kai. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, ba a tuhumi kowa da kisa ba, gardamar asarar kaya aka yi. Har ranar da Ingila ta soke bauta a 1833, fam miliyan 20 ta ware diyya ga iyayengiji, waɗanda aka bautar kuwa aka ce su ƙara wasu shekaru suna aiki kyauta.

Kada kuma yaron ya ɗauka dokar Ingila ta 1807, wadda ta haramta fataucin bayi, ta tsayar da abin. Bakwakwa kusan shekara 40 bayanta aka ɗauke shi. Da jiragen sintiri suka matsa, sai aka koma tara mutane a rumfuna bakin ruwa, a loda jirgi cikin sa'o'i kaɗan ya ɓace, wanda ya sa cunkoso da yunwa suka ƙaru. Sai da Birazil ta rufe tashoshinta da gaske a 1850 kasuwar Wida ta karye, Kuba kuma ta ci gaba da saye har shekarun 1860. Mutanen da suka rage ba mai saye a Dahome ba a sallame su ba, gonakin kwakwar manja aka tura su, manjan kuma aka loda wa jiragen Turai don sabulu da man injuna.