Citta da kanumfari a gahawa: yadda na rabu da ɗacin

"Assalamu alaikum. Duk lokacin da na haɗa gahawa da citta da kanumfari sai ta yi ɗaci, har harshena ya mutu, kuma ko na ƙara sukari ba ta gyaruwa. Ina zuba komai a tukunya ɗaya ne in bar shi ya tafasa sosai. Don Allah ina matsalar take?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin wannan mutuwar harshen da kika ambata na sha ta har na kusa haƙura da gahawa mai kayan ƙamshi gaba ɗaya. Amsar tana cikin maganarki ta zuba komai a tukunya ɗaya. Citta da kanumfari da garin gahawa ba sa buƙatar lokaci iri ɗaya a cikin ruwa, kuma ba sa jure zafi iri ɗaya. Citta tana son a dafa ta, kanumfari yana son ɗan lokaci kaɗan, ita kuwa gahawa ba ta son a yi ta tafasa ta. Idan aka haɗa su ukun a tukunya ɗaya aka bar su a kan wuta, to kafin cittar ta saki abin da ake nema a jikinta, sauran biyun sun riga sun lalace.

Ni wata ce ta koya mini wannan hanyar ta tukunya ɗaya, kuma har yau idan na tuna raina yana sosuwa. Ta gaya mini da cikakken tabbaci cewa in daka kanumfari da busasshiyar citta su yi laushi, in zuba cokali guda cur tare da garin gahawa, in bar shi yana tafasa har ruwan ya ragu, wai ta haka ne ƙarfin yake fitowa. Ranar da na yi baƙin da nake jin nauyinsu na bi maganarta dalla-dalla. Ƙamshi ya cika gidan, har suna yabawa tun kafin a kawo. Da na zuba musu, sai na ga babbar cikinsu ta kurɓa sau ɗaya, ta ɗan runtse ido, ta ajiye kofin a hankali ta ci gaba da hira kamar ba abin da ya faru. Ɗaya kuma ta yi ta ƙara sukari tana juyawa, cokali yana ƙara a jikin kofi, amma ba ta sake kai shi bakinta ba. Babu wadda ta ce uffan, kuma wannan kawaicin nasu ya fi mini ciwo a kan a ce sun faɗa. Da suka tafi na kwashe kofuna cike, mai yana yawo a saman kowanne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na koma na gaya wa wadda ta koya mini, sai ta ce wai bakin mutanen ne bai saba da abu mai ƙarfi ba. Ba ƙarfi ba ne wannan, 'yar'uwa, ɓarnar kaya ce kawai, kuma da ma ita ba ta taɓa auna komai ba, da ka take zubawa.

Abu na farko da nake so ki gane shi ne ba ɗaci ɗaya kike ji ba, kuma kowanne akwai yadda ake gane shi. Idan harshe da leɓe suka yi nauyi kamar an shafa maganin haƙori, aikin kanumfari ne. Man da ke cikinsa yana ɗauke da wani sinadari mai suna yujinol, wanda yake kashe jin zafi, shi ya sa ake amfani da shi wajen ciwon haƙori. Idan maƙogwaro ne yake maƙaƙi bayan an haɗiye, to busasshiyar citta ce ta yi yawa, domin citta idan ta bushe yajinta yana ƙara kaifi fiye da na ɗanya. Idan kuwa ɗacin yana can ƙarshen harshe, ga kuma bauri da bushewar baki, gahawar ce da kanta aka dafa fiye da kima. Sukari yana ɗan rufe na ukun, amma ba ya yin komai a kan mutuwar harshe, shi ya sa kike ƙarawa ba ki ganin canji.

Ga yadda nake yi yanzu idan kofi biyu nake so. Ina zuba ruwa mililita 600 a tukunya, domin wani zai tafi a tururi, abin da nake so ya rage shi ne kusan rabin lita. Sai in sami ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, wato wajen giram 15, in kankare bayanta da cokali, in yanka ta sirara-sirara. Ba na goga ta a magogi, domin gogaggiya tana sakin ruwanta gaba ɗaya, gahawar ta yi duhu-duhu kamar an dama gari, yajin kuma ya fi ƙarfin komai. Ina saka yankakkiyar cittar tun ruwan yana da sanyi, idan ya tafasa in rage wuta ya riƙa ɗan motsi a hankali na tsawon minti 8 zuwa 10, tukunyar a rufe rabi. A minti ukun ƙarshe ne kawai nake jefa kanumfari, ƙwaya biyu, gudansu, ba dakakku ba. Na san za ki ce biyu sun yi kaɗan a rabin lita. Wallahi ba su yi kaɗan ba, uku ne iyaka, kuma shi ma sai idan kanumfarin ya kwana biyu.

A nan akwai matakin da ya fi kowanne amfani gare ni: kafin gahawa ta shiga, ina ɗiban ruwan da cokali in ɗanɗana. Ya kamata ki ji ɗumin citta yana sauka a ƙirji, ƙamshin kanumfari kuma ya fi yawa a hanci fiye da a harshe. Idan tun a nan harshenki ya fara nauyi, kada ki ɓata garin gahawarki, ki zubar da rabin ruwan ki ƙara ruwan zafi tsantsa. Idan ya yi daidai, sai ki tsame ƙwayoyin kanumfarin ki yar, ki ƙirga su kuma ki tabbata duk sun fita, domin guda ɗaya da ta ɓuya a ƙarƙashin citta za ta ci gaba da aikinta. Cittar kuwa tana iya zama a ciki, ba ta da matsala.

Daga nan ki sauke tukunyar daga wuta, ki jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Zafin da gahawa take so yana tsakanin digiri 90 da 96 a ma'aunin Salshiyos, wato ƙasa kaɗan da tafasa, kuma ba sai kina da ma'aunin zafi ba, da zarar kumfar tafasa ta kwanta kin isa wurin. Sai ki zuba garin gahawa giram 30, kusan cokalin cin abinci shida a shafe, ki juya sau ɗaya ko biyu don duk garin ya jiƙe, ki rufe ki bar shi minti 4. Kada tukunyar ta sake komawa kan wuta. Idan lokaci ya cika ki tace nan take da rariya mai ƙananan ido ko tsumma mai tsabta, kuma kada ki matse garin don ki sami ɗigon ƙarshe, domin wannan ɗigon shi ne mafi bauri a tukunyar duka.

Niƙan garin ma yana da ruwa da tsaki a lamarin. Minti huɗun nan na gari ne mai ɗan tsakitsaki, wanda idan kika murza a yatsa za ki ji shi. Idan naki mai laushi ne sosai, ki rage lokacin zuwa minti 2 ko 3, domin gari mai laushi yana sakin komai da sauri, mai daɗi da marar daɗi. Idan kuma ƙwayar gahawar an soya ta ta yi baƙi ƙirin tana ƙyalli da mai, to da ɗacinta ta zo, ga shi kanumfari zai ƙara mata nauyi, don haka wadda aka soya matsakaici ta fi dacewa da wannan haɗin. Mai amfani da gahawar da take narkewa nan take kuwa aikinta ya fi sauƙi, ta tace ruwan cittar kawai ta zuba a kan garin a cikin kofi.

Kin ga ban hana busasshiyar citta ba, amma ina tsoronta. Idan ita kaɗai kike da ita, rabin cokalin shayi na garinta ya isa rabin lita, kuma ba ta buƙatar doguwar dahuwa, minti 3 tare da kanumfarin ya wadatar, sai dai a tace ta da tsumma domin tana bin idon rariya ta kwanta a gindin kofi. Garin kanumfari kuwa na daina saka shi kwata-kwata, saboda ba a iya tsame shi, yana nan cikin kofi yana ƙara ƙarfi har kurɓar ƙarshe. Kuma ki duba ingancin ƙwayar da kike da ita: mai kyau idan kika danna ta da farce za ki ga alamar mai, idan kuma kika jefa ta a ruwa tana nutsewa ko ta tsaya a tsaye. Wadda ta kwanta a saman ruwa ta riga ta rasa manta, ita ce take sa mutum ya yi ta ƙara yawa yana neman ƙamshi, sai ya tashi da ɗanɗanon itace.

Idan duk da haka kika ji ɗan ɗaci ya rage, gishiri kaɗan, abin da yatsu biyu za su ɗauka a tukunyar duka, ya fi cokalin sukari aiki, domin gishiri yana danne ɗaci a harshe. Game da madara kuma, ɗanyar citta tana da wani sinadari da yake tsinka ta, amma tafasa tana kashe shi, don haka ruwan da aka dafa minti goma ba zai ba ki matsala ba. Inda ake samun gudaji shi ne idan aka matse ruwan ɗanyar citta kai tsaye cikin kofi mai madara da ɗumi.

Idan za ki ajiye sauran don anjima, ki zuba a filas bayan kin tace tsaf, babu citta babu kanumfari a ciki, kuma ki fara ɗauraye filas ɗin da ruwan zafi don ya riƙe ɗumi. Kada ki bar ta a tukunya a kan ƙaramar wuta, kada kuma ki sake tafasa ta, domin gahawar da ta daɗe a kan zafi ɗaci take ƙarawa ko da an haɗa ta daidai tun farko. Ki gwada da ƙwaya biyu tukuna, ki dawo ki gaya mana ko harshen ya daina mutuwa, idan kuma bai daina ba ki faɗa mana irin niƙan garinki.