Taransifomar bene mai hawa goma sha biyu: busasshiya ko ta mai?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Nima, Akra: "Malam, ina gina bene mai hawa 12, shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen haya a sama. Injiniya ya ce sai taransifoma 1000 kVA, kuma ya ware mata ɗaki a ƙarƙashin ƙasa kusa da wurin ajiye motoci. An kawo mini farashi biyu, busasshiya ta fi ta mai tsada sosai. Wacce zan saya?"

Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Idan har taransifomar za ta zauna a cikin ginin, ƙarƙashin inda mutane ke kwana, busasshiyar za ka saya. Amma ka sani ba wutar lantarki za ta rage maka ba, ta ma fi ci, kuma akwai kuɗin iska da ba a sa maka a takardar farashi ba.

Mu fara da gobara, domin ita ce ta yanke hukuncin. Ta mai, mai ƙarfin 1000 kVA, tana ɗauke da mai lita 500 zuwa 700, wato kusan duro uku. Man nan yana sanyaya naɗin wayar, yana kuma hana wuta tsallakawa, kuma ya iya aikinsa. Sai dai na fetur ne asalinsa, idan zafinsa ya kai wajen digiri 160 zuwa 170 yana kamawa ya ci gaba da ci. A aikin yau da kullum ba ya kusantar wannan zafin. Matsalar tana zuwa ranar da waya ta haɗu a cikin tankin: tartsatsin yana mayar da mai iskar gas nan take, tankin ya kumbura, idan na'urar kariya ba ta yanke wuta da sauri ba ya tsage, mai mai ci da wuta ya malala ƙasa. A fili wannan asarar taransifoma ɗaya ce. A ƙarƙashin bene kuwa, baƙin hayaƙin zai bi ramin lifta da matakala da hanyar kebul ya hau sama, ta nan ne kuma masu haya za su sauko. Duk wanda yake Akra ranar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da mai ke yi idan ya hau kan ruwan ambaliya, ya ga gobarar gidan mai da ta tashi a Sakul, wato shatale-talen Kwame Nkrumah. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa wuri ne da ruwa da mai za su iya haɗuwa.

Ana iya sa ta mai a cikin gini, amma da sharuɗɗa masu cin kuɗi: bango da rufi da ƙofa masu jure wuta aƙalla awa ɗaya, rami a ƙarƙashinta da zai ɗauke man duka da tsakuwa a samansa, hanyar iska tata ita kaɗai da ba ta haɗu da ta sauran ginin ba, sau da yawa har da na'urar kashe gobara. Ka sa magini ya lissafa maka waɗannan, ka ɗora a kan farashin ta mai, sannan ka tambayi kamfanin inshora abin da zai caje ka a kowanne hali. Ratar da ka gani tsakanin farashin biyu za ta ragu ƙwarai.

Busasshiya ba ta da mai ko ɗigo. An zuba wa naɗin wayarta wani irin danƙo mai tauri da ake kira rezin, ya daskare a kansa. Amma ba kowace busasshiya ce daidai ba. Ka duba farantin da ke jikinta da takardar gwajinta, ka ga an rubuta F1. Ma'anarsa an gwada ta da wuta, ba ta rura gobara, tana mutuwa da kanta idan an janye harshen wutar, hayaƙinta kuma kaɗan ne. Wadda aka rubuta wa F0 ba a yi wannan alƙawarin a kanta ba, kada ka karɓa ko da an yi maka ragi. Ka nemi E2 ko sama da haka, wato tana jure raɓa da datti, domin iskar Akra tana ɗauke da danshi da gishirin teku.

Sai asarar wuta, wadda yawancin 'yan kasuwa ba sa tambaya a kanta. Kowace taransifoma tana da asara iri biyu. Ta farko a ƙarfen cikinta take, tana tafiya dare da rana muddin an jona ta, ko ba kowa a ginin. Ta biyu a naɗin waya take, tana hawa da kaya, kuma hawanta ninki ne: a rabin kaya, rabi sau rabi, kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Mu ɗauki iyakar da ƙa'idar Tarayyar Turai ta sa tun 2021 ga 1000 kVA, tunda ma'auni ne mai kyau na gwada farashin da aka kawo maka. Ta mai: wat 693 a ƙarfe, wat 7,600 a waya idan ta cika kaya. Busasshiya: wat 1,395 a ƙarfe, wat 9,000 a waya.

Mu ƙaddara gininka yana tafiya a rabin kaya. Ta mai za ta zubar da 693 da 1,900, jimla wat 2,593. Busasshiya 1,395 da 2,250, jimla wat 3,645. Shekara tana da awa 8,760, saboda haka ta farko ta ci yunit kusan 22,700, ta biyu kusan 31,900. Bambanci yunit 9,200 a shekara. Idan yunit ya zo maka a sidi 2, misali ne kawai, ka sa ainihin abin da ke kan bil ɗinka, sidi 18,400 ke nan duk shekara, kuma taransifoma tana kai shekara 25 tana aiki. Wannan shi ne kuɗin kwanciyar hankalinka, kuma a ganina ya cancanci a biya. Abin da bai kamata ka biya ba shi ne asarar taransifoma mai arha wadda ƙarfenta ke cin wat 2,300. Ƙarin wat 900 dare da rana yunit kusan 7,900 ne a shekara, ragin da aka yi maka ranar saye zai ƙare cikin 'yan shekaru. Don haka kowane dillali ya rubuta maka lambobin nan biyu a takarda, tare da rahoton gwajin masana'anta mai ɗauke da lambar ita wannan taransifomar. Ka kuma tambayi ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki na Gana, ta wane gefe za a sa mita. Idan ta gefen 11 kV ce, wato kafin wutar ta shiga taransifomar, duk asarar nan a bil ɗinka za ta fito.

Inda aka fi yin kuskure da busasshiya shi ne iska. Ta mai tana da tanki mai fuka-fukai, man yana zagayawa yana kai zafi waje, yana kuma ba ta haƙuri idan kaya ya yi yawa na ɗan lokaci. Busasshiya iskar ɗakin ce kaɗai abincinta. Idan ta cika kaya, wat 1,395 da 9,000, wajen kilowat 10.4 na zafi take fitarwa, kamar ka kunna dutsen guga goma a ɗaki ka rufe ƙofa. Kafin a kwashe wannan zafin ba tare da iskar ta ƙara fiye da digiri 10 ba, sai an ratsa ɗakin da iska kusan mita kubik 3,100 a awa. Idan ɗakin yana da bango mai kallon waje, ana yi da taga biyu, ta shiga a ƙasa, ta fita a sama ta ɗaya gefen. Masu ƙera ta suna ba da lissafi kamar haka, P asara a kilowat, H tazarar tsawo tsakanin tagogin a mita, S faɗin tagar shiga, S' na tagar fita:

```
S = 0.18 × P / √H
S' = 1.10 × S
```

Da tazarar mita 2, tagar shiga ta kai murabba'in mita 1.3, ta fita kusan 1.5, kuma wannan filin da iska ke bi ne bayan an cire ƙarafan raga. Lissafin ma an yi shi ne don ƙasar da matsakaicin zafinta na shekara digiri 20 ne. Na Akra yana wajen 27. Ɗakinka na ƙarƙashin ƙasa ba shi da irin wannan bangon, iskar wurin motoci kuma mai zafi ce da hayaƙi. Saboda haka sai fanka mai zuƙo zafi da bututu zuwa waje, guda biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira. Kada a saya maka esi a ce an gama, ranar da ya lalace ɗakin ya zama tanda.

Zafi ba ya kashe taransifoma rana ɗaya. Ƙarin digiri 6 zuwa 10 a kan abin da aka ƙera ta dominsa yana rage rabin shekarunta. Shi ya sa za ka gaya wa mai ƙerawa zafin garin nan a rubuce, ka sa a haɗa mata ma'aunin zafi PT100 a kowane naɗi uku, da na'urar da za ta tayar da fanka, ta yi ƙara wajen digiri 130 zuwa 140, ta yanke wuta a 150. Ka tabbatar an jona wayar yankewar da makunnin 11 kV an kuma gwada a gabanka, domin akan bar ta a rataye. Idan farantin ya ce AN/AF, ƙarfin da ke gefen AF da fankokin jikinta ne, na ɗan lokaci. Ka yi lissafin gininka da na AN, wato ƙarfinta ba tare da fanka ba. Lifta da esi masu inbata da na'urorin ajiyar wuta na ofisoshi suna gurɓata wutar suna ƙara wa naɗin zafi, saboda haka injiniya ya bar sarari, kada ya cika ta maƙil.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan rezin, danshi ya jiƙa ta, wuta ta fara rarrafe a kai. Alamarsa baƙin zane kamar reshen itace, da ƙarar tsit-tsit, da wani wari mai kaifi a ɗakin. Maganinsa a kashe ta aƙalla sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a zuƙe ƙura, a hura busasshiyar iska, a ɗaure kusoshin mahaɗa. A sa ta cikin akwatin ƙarfe IP31, domin jikin rezin ba abin taɓawa ba ne idan da wuta, beraye kuma suna son ɗumi. A ɗaga ta kan dakali sama da inda ruwa zai iya kaiwa, da famfon zuƙe ruwa. Ka kuma sani, naɗin rezin idan ya ƙone ba a sake naɗa shi a gareji kamar na ta mai, sabo ake odarsa, ana iya yin watanni. Nauyinta ya kusa tan 3, to a bar ƙofa da hanyar da za a fitar da ita kafin a toshe da bulo.

Tunda ginin bai ƙare ba, ka koma wurin injiniya da tambaya ɗaya: akwai kusurwa a harabar, nesa da tagogi da hanyar fita, da za ta ɗauki taransifoma? Idan akwai, ta mai a waje ta fi arha, ta fi ƙarancin asara, ba ta bukatar fanka, sai dai kuɗin kebul mai kauri zuwa cikin gini zai ƙaru da kowace mita. Idan wurin ya matse kusa da bango, akwai mai na esta wanda ba ya kamawa sai ya wuce digiri 300, ya fi tsada amma yana rage haɗarin sosai. Idan babu fili, ɗaki a hawan ƙasa mai ƙofa zuwa waje ya fi na ƙarƙashin ƙasa, ko da zai cinye maka shago ɗaya. Kowanne ka zaɓa, kada ka ba da kafin alƙalami sai ECG ta amince da bayanan taransifomar a rubuce, hukumar kashe gobara ta Gana kuma ta duba zanen ɗakin.