Nozul na firintar 3D ya toshe: in wanke ko in canza?

"Filamen ɗin PLA, wato zaren robar da firintar ke narkarwa, yana fita a siriri yana lanƙwasa, injin turawa kuma sai ƙas-ƙas yake yi. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, fara da jan sanyi, wato ciro dattin nozul da filamen da ya ɗan huce. Ka kai zafin nozul digiri 220 na Celsius, ka zare bututun da ke kawo filamen, ka tura farin PLA da hannu har ya ɗigo. Sai ka kashe hita, amma ka ci gaba da dannawa a hankali har ya daina fita, don ya cika cikin nozul ɗin. Da zafi ya sauko wajen digiri 90, ka fizge filamen ɗin sama gaba ɗaya.

Bakin abin da ka ciro shi zai faɗa maka komai, shi ya sa na ce fari. Idan ya miƙe kamar cingam, zafi ya yi yawa, ka rage digiri biyar. Idan ya ƙi motsi ko ya tsinke, ya huce da yawa. Wanda ya yi daidai yana fitowa da siffar cikin nozul, da tsini a baki, baƙin datti manne a jiki. Yanke wurin, ka maimaita sau uku ko huɗu.

In ya fito fes amma zaren yana karkacewa har yanzu, duba ramin nozul ɗin da madubin ƙara girma. Ramin milimita 0.4 da ya buɗe ko ya zama kamar ƙwai ba ya gyaruwa, musamman nozul na tagulla da ya sha filamen mai zaren kabon. Canza shi, kuma ka ƙarasa ɗaure sabon yana da zafi, in ba haka ba zai yi yoyo.