Ƙarya a ciniki: ina iyakar?

"Jama'a ina sayar da tsoffin wayoyi a Jidda, shin laifi ne in ce wa kwastoma an taya mini riyal 900 na ƙi alhali ba wanda ya taya?"

Malam wannan kam ƙarya ce zalla, ba dabarar kasuwa ba. Ka ce albarka ka kafe a kan 900, ka ƙi faɗin nawa ka saro, duk halal ɗinka ne, ba dole sai ka buɗe masa cikinka ba. Amma da zarar ka ƙirƙiro mai tayin da babu shi to ka shiga layin najashi da Annabi (SAW) ya hana, wato ƙara kuɗi na bogi don a ruɗi mai saye, wasu ma har yaro suke ajewa gefen shago yana tayin ƙarya, Allah ya kyauta.

Inda ƴan waya suka fi zamewa ma wajen shiru ne. Ka saro ta 700, ka san an canja sikirin an sa na kanti ko batirin baya kai la'asar, alhaji ya juya ta ya ce lafiya lau take ko, kai kuma ka ce "gata nan ka duba da kanka". Ɓoye aibi kenan, yana da haƙƙin dawo maka da ita ya karɓi kuɗinsa in ya gano. Faɗa masa an canja sikirin, sai ka tsaya a kan farashinka.