Hindi da Urdu: me ya sa sanarwa take sauya kalmomi?

*Malam, na koyi Indiyanci a finafinai har ina ciniki da shi. Amma da na kai mahaifiyata asibiti a Delhi, sanarwar tashar jirgin ƙasa ta gagare ni. Wani ɗan Pakistan ya ce tasu ma daban ce. Ba harshe ɗaya ba ne? Waɗanne kalmomi zan riƙe?*

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Abin da ka koya shi ake kira Hindustani, maganar kasuwa da gida wadda ta samo asali daga karin harshen yankin Delhi. Nahawunta ɗaya ne a Delhi da Karachi. A sunayen abubuwa ake rabuwa, kuma sai an zo maganar hukuma.

Mu ɗauki jirgin da ya makara. Mai shayi a bakin tasha zai ce maka *gari der se ayegi*, wato jirgi zai zo a makare, kuma ko a wace ƙasa haka za ka ji. Lasifikar tashar Indiya kuwa da *yatrigan kripya dhyan den* take buɗewa: matafiya, don Allah ku saurara. Jinkirin da mai shayi ya kira *der*, ita *wilamb* za ta ce. A sanarwar Urdu matafiyi *musafir* ne, saurarawa *tawajjo*, jinkiri kuma *takhir*. Idan ka kasa kunne za ka ji aikatau irin su *hai* da *ayegi*, da ƙananan kalmomi irin su *se* da *ka*, suna nan ba su motsa ba. Hindi ta hukuma tana ɗebo manyan kalmominta daga Sanskrit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, Urdu kuma daga Farisanci da Larabci.

Da gangan aka yi wannan rabuwa. Farisanci ne harshen fadar sarakunan Mughal, har Turawan Ingila suka cire shi daga kotuna a 1837, Urdu da rubutunta mai haruffan Larabci ta maye gurbinsa a yawancin arewacin Indiya. Daga 1867 wasu 'yan Hindu a Banaras suka tashi neman a koma Dewanagari, rubutun da ake rubuta Hindi da shi, kuma a 1900 aka amince da shi a kotunan lardin da Banaras take ciki. Tun daga nan kowane ɓangare ya shiga tace ƙamusunsa don ya bambanta da ɗayan. Gandhi ya so a tsaya a kan Hindustani ta kowa, amma raba ƙasa zuwa Indiya da Pakistan a 1947 ya sha gabansa. Tsarin mulkin Indiya na 1950, a sashe na 351, ya ce a bunƙasa Hindi ta hanyar aro daga Sanskrit da farko. Shi ya sa firayim minista ya zama *pradhan mantri* a Delhi, *wazir-e-azam* a Islamabad.

Bahaushe yana da sa'a a ɓangaren Urdu, domin rijiya ɗaya muka sha. *Wazir* wazirinmu ne, *khabar* labari, *waƙt* lokaci, *kitab* littafi, duka daga Larabci. Na Hindi su ne *samachar* labari, *samay* lokaci da *pustak* littafi, kuma su ne za su ba ka wuya. Kunne ma yana rarrabewa: kalma mai sautin *kh* na maƙogwaro, ko *z*, ko *-e-* mai haɗa suna biyu, galibi ta gefen Farisanci da Larabci ce. Wadda baƙaƙe suka cunkushe a farkonta, kamar *pr*, *kr* ko *dhy*, galibi ta Sanskrit ce.

Game da zaɓi, shawarata ita ce ka raba ji da faɗi. Kalmomin sanarwa ka koye su don ka gane, amma da bakinka ka yi amfani da ta tsakiya, wato Hindustani. Da direba ko ma'aikaciyar jinya, *der*, *dawa* magani da *shukriya* godiya sun wadatar, har *taren let hai*, wato jirgi ya makara da kalmomin Turanci, ana cewa. Kada ka ɗauka *waƙt* da *kitab* na Musulmi ne kaɗai, 'yan Hindu suna faɗarsu kullum. Idan ka ce wa mai keke *wilamb*, zai ji kamar kana karanta masa takardar gwamnati.

Kuskuren da ya fi fitowa fili shi ne haɗa nauyi biyu a jimla ɗaya, a buɗe da *kripya* a bi da *tawajjo farmaiye*. In za ka rubuta wa ofis, ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshen takarda. Gaisuwa ce kawai take bin wanda ke gabanka: *namaste* ga ɗan Hindu, sallama ga Musulmi. Kafin ku koma ganin likita, ka haddace *yatri*, wato matafiyi, da *samay* da *wilamb*, ka ƙara da *suchna*, wato sanarwa, domin za ka yi ta jin su a tasha.